Kashi 18 da kashi 30: yadda na lissafa kuɗin mota a banki biyu a Abuja

Motar Toyota Corolla ce 'yar tokumbo, a wajen wani dila da ke kan hanyar Kubwa, kuma bayan ciniki mun tsaya a kan Naira miliyan 12. Ina da miliyan 3.6 a hannu, wato kashi 30 cikin ɗari na kuɗin, saura miliyan 8.4 nake nema. Na kai buƙatar banki biyu, ɗaya na yau da kullum mai ba da bashi da ruwa, ɗaya kuma bankin Musulunci mai tsarin murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba sananniya ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, duka a kan wata 36. Na farko ya ce kuɗin ruwansa kashi 30 cikin ɗari ne a shekara. Na biyu ya ce ribarsa kashi 18 ce a shekara. Duk wanda ya ji waɗannan lambobi biyu zai ce ai magana ta ƙare, na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Da aka buga mini jadawalin biya na kowanne sai na ga ba haka ba ne, kuma dalilin da ya sa ba haka ba ne shi ne abin da ya fi cancanta a sani kafin a sa hannu a kowace takarda.

Bankin farko yana lissafa ruwansa ne a kan abin da ya rage a kanka na bashi. A watan farko ana binka miliyan 8.4 cif, ruwan wata ɗaya kashi 2.5 ne, wato Naira 210,000. Biyan wata Naira 356,593 ne, don haka abin da ya taɓa uwar kuɗin a wannan watan Naira 146,593 ne kawai, sauran duk ruwa ne. A wata na biyu bashin ya ɗan ragu, ruwan ma ya ɗan ragu, abin da ke shiga uwar kuɗi ya ɗan ƙaru, haka ake ta gangarawa har ƙarshe. Idan ka tara biyan wata 36, jimilla ta kama Naira 12,837,348. Ruwan ke nan Naira 4,437,348.

Bankin Musuluncin kuwa ya ɗauki miliyan 8.4 ɗin gaba ɗaya, ya cire kashi 18 nata, ya samu Naira 1,512,000, ya ninka sau uku saboda shekara uku. Riba ta zama Naira 4,536,000. Wannan shi ne lissafin da ma'aikatan banki ke kira filat: ana ɗora kason ne a kan kuɗin farko duk tsawon lokacin, ba a duba cewa kana ragewa wata-wata. Jimillar abin da zan biya ta kama Naira 12,936,000, wato Naira 359,333 kowane wata. Mai kashi 18 ya ɗara mai kashi 30 da Naira 98,652.

Ba wata rufa-rufa a ciki, mudun awon ne ya bambanta. Wanda ke biya duk wata ba ya riƙe miliyan 8.4 har shekara uku. A shekara ta ƙarshe abin da ke kansa bai kai rabin haka ba, amma lissafin filat yana ci gaba da auna masa kamar bai biya ko sisi ba. Idan ana so a mayar da su mudu ɗaya, Excel na waya ma ya isa. Layin farko yana fitar da biyan wata na bashi mai ruwa, na biyu kuma yana mayar da biyan murabahar zuwa irin awon bankin farko:

```
=PMT(30%/12,36,-8400000)
=RATE(36,-359333,8400000)*12
```

Na biyun ya ba ni kusan kashi 30.6. Ashe kashi 18 na filat a wata 36 daidai yake da kashi 30 da ɗan ɗoriya a kan ragowar bashi. Wannan ba halin bankunan Musulunci kaɗai ba ne. Akwai masu ba da bashi da ruwa da ke faɗin kasonsu a filat, musamman ƙananan bankuna da kamfanonin rance, kuma akwai masu murabaha da ke fitar da ribarsu a kan ragowa. Don haka tambayar da ta fi amfani a gaban teburin ma'aikaci ita ce: nawa zan biya duk wata, sau nawa, kuma me zan biya kafin a ba ni makulli?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta sake matso da su kusa da juna. Bankin farko yana da kuɗin gudanarwa kashi 1 cikin ɗari na bashin, wanda shi ne iyakar da jadawalin cajin Babban Bankin Najeriya ya yarda a karɓa. A kan miliyan 8.4 ya kama Naira 84,000, da harajin VAT na kashi 7.5 a kansa, Naira 6,300, duka Naira 90,300, kuma a ranar farko ake cirewa. A takardar tayin da bankin Musuluncin ya ba ni babu wannan layin. Da na haɗa, bashi mai ruwa ya tashi a Naira 12,927,648, murabaha a Naira 12,936,000. Tazarar Naira 8,352 ce a shekara uku, ba ta kai kuɗin juyen mai sau ɗaya ba.

Inshora kuwa duka biyun sun wajabta, kuma ba irin ta Naira 15,000 da ake yanka don a nuna wa jami'an hanya ba. Cikakkiya suke so, wadda ta rufe haɗari da sata da gobara, da sunan bankin a matsayin wanda za a fara biya idan wani abu ya sami motar. Tun farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce kuɗin cikakkiyar inshorar mota kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar da aka rubuta wa motar, wato Naira 600,000 a shekarar farko a kan miliyan 12. Bankin Musulunci takaful yake buƙata, wato inshorar Musulunci, amma a aljihu nauyin kusan ɗaya ne. Sai na'urar bin sawu da za a sa wa motar, da rajista da lamba a ofishin VIO na Mabushi. Waɗannan ba su bambanta bankunan biyu ba, sai dai mutane da yawa ba sa sa su a lissafi, su tara kafin alƙalami daidai wa daida, ranar karɓar mota kuma a ce su kawo wasu dubban ɗaruruwa. Abin da ya kamata a bincika shi ne ko bankin zai biya inshorar shekara uku a dunƙule ya ɗora a kan bashin. Idan ya yi haka, kana biyan ruwa ko riba a kan inshorar ma.

To, tun da jimillar ranar farko ta zo kusan ɗaya, sai na koma kan abin da zai iya motsa kowace jimilla bayan an sa hannu. A nan ne suka rabu da gaske.

A takardar bankin farko akwai wani ɗan sakin layi da ke cewa kuɗin ruwa zai iya canzawa gwargwadon yanayin kasuwar kuɗi. Kada a ɗauke shi ado. A shekarar 2024 kaɗai Babban Banki ya ɗaga ma'aunin ruwansa na MPR daga kashi 18.75 zuwa kashi 27.5, kuma bankuna sun bi sahu a kan basussukan da suka riga suka bayar. Na gwada da lissafina: bayan wata 12 na biya Naira 4,279,116, amma ragowar bashin tana nan kusan Naira 6,377,662, domin fiye da rabin abin da na biya ruwa ya cinye. Idan a wannan gaɓar aka mayar da kason 34, biyan wata zai koma kusan Naira 369,855, ƙarin da zai taru ya kai wajen Naira 318,000 a wata 24 da suka rage. Ba a neman izininka, sanarwa kawai za a aiko. Gaskiya ne idan ruwa ya sauka ya kamata a rage maka, amma ni ba zan gina kasafin gida a kan wannan fatan ba.

Murabaha ba ta da wannan ƙofar, domin ita ciniki ce, ba rance ba. Bankin ya sayi motar miliyan 12, ya sayar mini da ita Naira 16,536,000, ya bayyana mini kuɗin saye da ribar da ya ɗora, aka cire miliyan 3.6 da na ajiye, saura Naira 12,936,000 a biya kashi 36. Farashin da aka ƙulla ciniki a kansa ba ya ƙaruwa, ko MPR ta kai ina. Wanda albashinsa ba ya motsi, wannan tabbacin yana da daraja ko da ba a rubuta masa farashi ba.

Sai dai tabbacin yana da ɗaya fuskar, kuma ita ce mutane suka fi mantawa: biya kafin lokaci. A ce bayan shekara ɗaya kuɗi sun shigo, kana so ka sauke nauyin gaba ɗaya. A bankin farko za ka biya ragowar uwar kuɗi, Naira 6,377,662, da kuɗin rufewa da wuri idan takardarka ta tanadi haka, ruwan wata 24 da ba a shiga ba kuma ya faɗi. A murabaha abin da ake binka shi ne ragowar farashin ciniki, Naira 8,624,000, da ribar a ciki. Tazarar ta haura miliyan 2.2. Bankin yana iya yi maka rangwame, wanda ake kira ibra'i, kuma sukan yi, amma a takardar da aka ba ni an rubuta cewa ganin damar banki ne, ba haƙƙina ba. Dalilin na fiƙihu ne: malaman da ke bin ƙa'idojin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, sun halatta rangwamen matuƙar ba a shar'anta shi cikin yarjejeniyar ba. Na tambayi jami'in da ke riƙe da fayil ɗina yadda suke fitar da shi.

Ya ce, "Alhaji, ranar da ka zo rufewa za ka rubuto takarda, a duba yadda ka riƙa biya, sannan a ba ka lamba."

Na ce, "Malam, ba za a rubuta mini ko kimanin kason ba tun yanzu?"

Ya ce, "Ba a rubutawa, ranka ya daɗe. Amma wanda bai taɓa makara ba, shi ya fi samun sauƙi."

Amsar ta wadatar da ni a kan abu ɗaya: wanda ya san yana jiran wasu kuɗi, gado ko giratuti ko kuɗin fili, kuma niyyarsa ya rufe da wuri, gara ya ɗauki murabahar gajeren zango tun farko, wata 12 ko 18, maimakon ya ɗauki wata 36 yana dogaro da rangwame.

Makara ita ce ta uku. A bashi mai ruwa, idan ranar biya ta wuce asusu ba kuɗi, ruwa yana ci gaba da hawa kan abin da ba a biya ba, ga kuma tarar da jadawalin Babban Banki ya ƙayyade iyakarta a kashi 1 cikin ɗari a wata na kuɗin da aka makara. A murabaha bashin ba ya haihuwa. Akwai tarar makara a takardata, amma an rubuta cewa ba ta shiga ribar banki, sadaka ake bayarwa da ita. Kada wannan ya sa a yi sake, domin daga aljihunka take fita ko ina ta tafi, kuma duka bankunan biyu suna kai sunan wanda ya ƙi biya hukumomin tattara bayanan masu bashi. Duka biyun suna sa mutum ya sa hannu a takardar GSI, wadda tun 2020 ta ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi kuɗinsa daga asusunka na wasu bankuna. Abu mai amfani da na yi shi ne na nemi a sa ranar cirewa kwana biyar bayan ranar da albashi ya saba shigowa, saboda watan da ya yi jinkiri.

Na zaɓi murabaha. Ban zaɓe ta don ta fi arha ba, tun da lissafi ya nuna ba ta fi ba. Na zaɓe ta don ba na son riba irin wadda aka haramta, kuma ina son lambar da ba za ta canza ba. Tun da bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012, sannan TAJ a 2019 da Lotus a 2021, mazaunin Abuja yana da wuraren tambaya fiye da ɗaya, kuma kasonsu ba ɗaya ba ne, don haka a karɓi tayi biyu ko uku a rubuce.

Matakan ba su da yawa, amma jerinsu shi ne ruhin abin. Na cika fom, na haɗa da takardar albashi ta wata uku, bayanin asusu na wata shida, wasiƙar wurin aiki da ke alkawarin albashina zai riƙa shiga wannan bankin, da NIN da BVN. Sun auna biyan wata da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa, wato Naira 359,333 tana buƙatar kusan Naira 1,078,000 a wata. Wanda bai kai ba, za a ce masa ya ja zuwa wata 48. Biyan wata zai sauko Naira 301,000, amma riba za ta tashi Naira 6,048,000, ƙarin Naira 1,512,000 a kan mota ɗaya. A ganina ƙara kafin alƙalami ko sauka zuwa mota mai rahusa ya fi wannan.

Bayan an amince, na sa hannu a takardar alkawarin saye, wato wa'adi, na kuma zuba miliyan 3.6 a asusuna na bankin a matsayin hamish jiddiyya, kuɗin da ke nuna da gaske nake. Har zuwa nan babu ciniki. Idan na fasa bayan bankin ya sayi motar, za su sayar da ita, su cire ainihin asarar da suka yi daga ajiyar, su mayar mini da saura. Daga nan bankin ya biya dila, motar ta zama tasa, jami'insu ya je ya duba ta ya karɓa, sannan a wata rana daban aka kira ni muka ƙulla cinikin murabaha, tayi da karɓa, da farashi da jadawali a rubuce. A 'yan kwanakin da ke tsakanin sayensu da sayarwarsu, da wani abu ya sami motar, asarar tasu ce. Wannan ɗaukar haɗarin shi ne ya halatta musu ribar.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa ke faruwa, kuma saura ƙiris in afka. Dilan ya ce mini, "Alhaji, ka ajiye ko miliyan ɗaya ce in cire ta daga layi, akwai masu zuwa dubawa." Da na biya shi ya yanka mini rasit da sunana, da ciniki ya riga ya ƙullu tsakanina da shi, kuma banki ba zai sayar mini da abin da na riga na saya ba. Abin da zai rage shi ne su ba ni kuɗi in cika, in mayar da ƙari, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Wanda ya riga ya biya, sai an warware cinikin farko da gaske, dila ya mayar da kuɗin, sannan a faro daga tushe. Saboda haka ne ma takardar farashi dole ta fito da sunan bankin a matsayin mai saye. Tawa ta farko da sunana dilan ya rubuta, aka dawo da ita, kwana huɗu suka tafi a banza.

Kwanakin kuma suna da tsada, domin farashin tokumbo yana bin dala. Takardar farashin ta ce tana aiki na kwana 14, bankin ya ɗauki kusan mako uku kafin ya amince. Na koma na roƙi dilan ya sabunta ta a kan farashin da, ya yarda. Da ya ƙara ko da Naira 500,000, da sai an sake lissafin riba da takardar tayi, ko in cika gibin a kan ajiyata. A bashi mai ruwa ma haka ne, don su ma dila suke biya kai tsaye, ba sa damƙa maka kuɗin.

Kafin bankin ya biya, na kai makanikena ya duba motar, kuma na tsaya da kaina na karanta lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, na gwada ta da ta jikin ƙofa, da ta takardar farashi, da ta takardun kwastam. Harafi ɗaya ya saɓa, rajista za ta tsaya, inshora kuma za ta sami hujjar ƙin biya ranar da aka buƙace ta. Motar da ba a biya mata duti daidai ba kuwa ana iya kama ta a hanya, kuma bashin yana nan a wuyanka. A lura kuma da sakin layin da ke cewa banki ya barranta daga aibin mota bayan an miƙa ta. Da zarar ka sa hannu a cinikin murabaha, giya ko inji da ya ba da matsala naka ne, biyan wata ba ya tsayawa don mota tana gareji.

Ranar karɓa an ba ni makulli ɗaya da kwafin takardu. Makulli na biyu da takardun asali, har da na kwastam, suna wajen banki a matsayin jingina sai an gama biya, kuma ba zan iya sayar da motar ba sai da izininsu a rubuce. An buga mini jadawalin wata 36 mai hatimi, na duba layin ƙarshe ya nuna sifiri, na kuma tara layukan da kaina suka ba ni Naira 12,936,000. Inshorar shekara ta biyu ba ta cikin jadawalin, don haka nake ware Naira 50,000 duk wata a wani asusu daban, wanda ya mayar da ainihin abin da motar ke ci a albashina Naira 409,333, ban da mai da gyara.